Gurbin Da Ba Shi Da Kujera

"Ki ƙara wa tallar wata guda," in ji Oga, bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Karo na uku ke nan fa, Oga."

"To? Haraji ake biya a kanta?"

Injiniya ta juya ta koma teburinta. Haka kowa ke kiranta a ofishin, har mai shara, domin ita kaɗai ke rubuta manhajar waya ta kamfanin. Kamfanin ma ba wani babba ba ne: ɗaki biyu a saman shagon tayoyi, tebur huɗu, fanka mai kuka kamar an shaƙe ta, da manhaja guda wadda mutane ke sayen magani da ita a kawo musu har gida. Oga ne mai shi. Dogo ke kula da sabar, kwamfutar da duk oda ke sauka a kanta. Sai mai amsa kiran kwastomomi, wadda ake ce wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa.

Ita ta rubuta tallar da hannunta, kuma da zuciya ɗaya ta rubuta. "Ana neman ƙaramin mai rubuta manhajar Android da yaren Kotlin. Ba sai mai digiri ba, ba sai wanda ya taɓa aiki ba. Muna son wanda ya riƙe tushe, yake kuma son koyo. Za mu ba ka ɗan aikin gwaji ka yi a gida." Ranar da ta rubuta layin digirin nan sai da idonta ya kawo ruwa, don ta tuna ƙofofin da aka rufe mata a fuska kafin ta sami wannan teburin.

Sai da zagayen farko ya ƙare ta gane babu kujera. Babu albashin mutum na biyar, ba a ma taɓa ware shi ba. Masu zuba jari ne ke leƙa shafin kamfanin, kuma kamfanin da ke neman ma'aikata kamfani ne mai girma a idonsu. Daga baya Oga ya gano wani amfanin. Maimakon a ƙirƙiri aikin gwaji, sai a yanko matsala ta gaske daga cikin manhajar, a sauya sunaye, a miƙa wa masu nema. Wanda ya warware da kyau, a ɗauki maganinsa a zuba a manhaja, a aika masa da godiya da fatan alheri.

Ta yi gardama sau ɗaya. Oga ya tambaye ta ko tana da wani wurin da za ta karɓi albashi a ƙarshen wata. Ba ta da shi. Gidanta a kan albashin nan yake tsaye tun da aka rufe makarantar da mijinta ke koyar da lissafi.

"Aikin mutum ashirin na jiranki," in ji Rediyo daga teburinta, tana toshe bakin waya da tafin hannu. "Na cire sunaye na sa lamba, kamar yadda Alƙaliya ta hukunta."

Wannan ma dokar Injiniya ce. Ta ce kada ta ga sunan kowa, don kada ta fifita ɗan wane ko ta raina mace. Adalci a kan kujerar da babu ita.

Matsalar wannan zagayen ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya. In sabis ya yi rauni, mutum ya danna maɓallin aika oda ya ga shiru, sai ya sake dannawa, oda ta fita biyu. In ya juya wayar a gicciye ana cikin aikawa, allon ya sake gina kansa ya manta ya riga ya aika. Mai babur ya kai magani sau biyu, kwastoma ya kira ya zazzage Rediyo.

Mai nema na farko ya kwafo amsa daga wani wuri, ko gwadawa bai yi ba. Na biyu ya kashe maɓallin bayan dannawa, amma da an juya waya maɓallin ya farfaɗo. Ta buɗe na mai lamba goma sha bakwai tana hamma.

Hammar ta tsaya a rabi.

Ya cire halin da odar ke ciki daga allon ya ajiye shi a ViewModel, sashen da ba ya rushewa in waya ta juya. Ya kuma ga abin da ita kanta ba ta gani ba. Kowace oda tana tafiya da lambar shaida, sabar Dogo kuwa ba ta karɓar lamba ɗaya sau biyu, amma manhajar tana ƙirƙirar sabuwar lamba a duk dannawa. Shi sai ya sa a ƙirƙiri lambar sau ɗaya, lokacin da aka buɗe kwandon saye. Ya rubuta gwaje-gwaje, duk suka wuce. Ya ƙara abin da ba a tambaya ba, ɗan saƙo a ƙarƙashin maɓallin: "Mun ji ka. Ba sai ka sake dannawa ba."

Ba wannan ne ya tsayar da ita ba. Bayanin da ya rubuta a saman kowane aiki ne, layi uku ba ragi ba ƙari: abin da aka bayar, abin da ake nema, saboda haka. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke rubuta haka. Da alli ya saba yi, a baƙin allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Ko wasiƙar farko da ya rubuta mata, kafin aurensu, haka ya tsara ta don ya ba ta dariya. Abin da aka bayar: zuciya ɗaya.

Ta tashi ta shiga wurin Oga ta rufe ƙofa.

"A ɗauki goma sha bakwai."

"Ya yi kyau?"

"Ya fi kyau. Ya ga abin da ban gani ba."

"Madalla. Zuba shi, mu saki sabuntawa kafin ƙarshen mako."

"Cewa na yi a ɗauke shi, Oga."

Ya ajiye wayar, ya dube ta da gajiyar mutumin da shi ma ba ya barci. Ba mugu ba ne irin na labari. Ya sayar da motarsa a kan kamfanin nan, rigarsa ma ta koɗe a wuya.

"Da me zan biya shi? Da fankar nan? In masu jari suka sa hannu, wallahi shi zan fara kira."

"Haka ka ce a kan mai lamba huɗu a zagayen farko. Da wancan na zagaye na biyu."

"Kuma har yanzu haka nake cewa."

Ta buɗe baki za ta ce mijina ne, sai ta haɗiye. In ta faɗa, magana ta koma ta alfarma, aikin da ya yi da gumin kansa ya zama na mijin Injiniya.

"Ni dai ba zan zuba ba," ta ce.

"Ba komai. Dogo!"

Dogo ya leƙo da biredi a baki. Ya ji umarni, ya dube ta, ya kawar da kai. Kafin a tashi aiki ya haɗe aikin a cikin manhajar, aka tura wa shagon manhajoji ya duba kafin ya saki. Oga kuma ya sa Rediyo ta aika wa mutum uku mafi kyau saƙon da ake aikawa kowane zagaye: kun kai matakin ƙarshe, za mu tuntuɓe ku nan kusa.

Da ta isa gida rana ba ta faɗi ba. Ta tarar da mijinta, Malam, a tsakar gida yana shanya kayan makarantar 'yarsu, ya ɗaura zanin Injiniya a ƙugu don kada wandonsa ya jiƙe. Umma, mahaifiyarsa, na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Sannu da zuwa, Injiniya, ginshiƙin gida," ya ce. "Umma, ki ce mata ta zauna, ina da sanarwa."

"Tun azahar yake min wannan rawar kan," in ji Umma. "Na ce ko aure zai ƙara, ya ce da wane ƙarfin."

Ya goge hannu a zanin, ya ciro waya ya miƙa mata. 

"Kada ki yi fushi. Na nemi aikin ofishinku. Ban gaya miki ba don na san dokarki ta lamba, na ce bari in shiga ta ƙofar da kowa ke shiga. In na faɗi, in faɗi ba ki sani ba. Karanta."

Ta karanta saƙon da ita ta tsara kalmominsa tun zagayen farko.

Ta san darajar abin a wurinsa. Tun da makarantar ta rufe ya ɗauki tsohuwar kwamfutarta, wadda ba ta aiki sai a jone, ya zauna da ita a teburin cin abinci. Ta ga ranar da ya fara sa rubutu ya fito a allon waya, ya ɗaga 'yarsu sama yana juyi da ita. Ta ga ranakun da ya kifa kai a tebur. Abokansa sun rage zuwa. A wurin taron dangi sai a tambaye shi, har yanzu ana wasan kwamfutar? Ya yi murmushi ya ce ana nan ana yi. Ta daɗe ba ta ga fuskarsa da haske irin na yau ba, irin wanda ya sa ta zaɓe shi a kan masu mota.

"Ba ki ce komai ba."

"Na ji daɗi, Malam."

"Kin ga aikin nawa? A'a, kada ki faɗa, kada in sa ki karya doka." Ya yi dariya. "Saura magana ɗaya. Shugaban makarantar nan ta bayan kasuwa ya sake kira. Yana son malamin lissafi, ya ce in ba shi amsa kafin ranar Alhamis, akwai mai jira a bayana. Na ce masa zan yi shawara."

"Ka karɓa mana, kafin a ga..."

"In karɓi yaran mutane a farkon zango in watsar da su a tsakiya? Kin san ba zan iya ba. In na sa hannu, na shekara ne."

Ta ce bari ta watsa ruwa. A banɗaki ta saki famfo ta tsaya ba ta cire ko ɗankwali ba.

Washegari ta koma wurin Oga. Ta ce a rage albashinta a ba goma sha bakwai rabi. Ya ce rabin nata ba ya riƙe mutum ɗaya balle biyu, kuma ba zai yi alkawarin da zai karye ba. Ta ce to a aika wa mutum ukun gaskiya. Ya ce masu jari za su zo mako mai zuwa, zai nuna musu cewa ana tantance mutum uku.

"Wai me ya haɗa ki da goma sha bakwai ɗin nan?" in ji Oga.

Rediyo, wadda ta ga sunayen tun farko, ta sunkuyar da kai a kan teburinta. Ranar ce kaɗai aka ji ofishin shiru.

Kullum Injiniya sai ta shirya maganar a cikin mota, ta iso gida ta tarar da shi yana karatun abin da za a iya tambayarsa a ganawa, sai maganar ta narke. Ya kai takalminsa an gyara. Ya tambaye ta ko Oga na son mutum ya zo da taye. Ta ce ba ruwansa da taye. Ta ce wa kanta gobe.

Ranar Laraba da yamma ta shigo ta same shi a bakin ƙofa, kamar ya daɗe yana jiran ƙarar takunta.

"Zo ki gani. Zo, zo."

Ya ja ta zuwa teburin cin abinci. Maganin hawan jinin Umma ya kusa ƙarewa, ya ce, ya buɗe manhajarsu zai yi oda, sai ya ga sabuntawa ta sauko. Ya ɗora wayar a tafin hannunta, ya kama yatsanta ya danna maɓallin da shi. Maɓallin ya dushe. A ƙarƙashinsa rubutu ya fito: "Mun ji ka. Ba sai ka sake dannawa ba."

"Kalmomina ne," ya ce. "Ko waƙafi ba su canja ba. Na juya wayar ta kowace fuska, oda ɗaya ce ta fita. Injiniya, aikina na cikin wayoyin mutane. Wa zai zuba aikin mutum a manhajarsa in ba ya riga ya ɗauke shi ba?"

Umma na ɗaki tana lazimi. 'Yarsu na ƙarƙashin tebur tana canza wa 'yar tsana kaya.

"Yanzu zan kira shugaban makarantar in ba shi haƙuri. Na jira ki ne kawai ki zo a yi a gabanki."

Ya karɓi wayar ya fara neman lambar. Ta riƙe wuyan hannunsa.

"Kada ka kira."

"Me ya faru?"

"Babu aikin, Malam."

Ya yi ɗan murmushi, yana jiran ƙarshen wasan.

"An ba wani?"

"Ba a ba kowa ba. Ba za a ba kowa ba. Babu kujerar, ba a taɓa yin ta ba. Tallar don masu jari ce, su ga kamar muna girma. Aikin gwajin kuma matsalarmu ce ta gaske, ake raba wa mutane su warware kyauta."

Ya zare hannunsa a hankali. Ya jawo kujera ya zauna, ya ajiye wayar a kife.

"Saƙon matakin ƙarshen fa?"

"Kowane zagaye ana aika wa mutum uku."

"Kowane zagaye." Ya maimaita kamar yana karanta tambaya a allo. "Zagaye nawa aka yi?"

"Wannan ne na uku."

"Wa ke yanko aikin gwajin?"

Ta dubi ƙasa. Ya gyaɗa kai.

"Yaushe kika san ni ne?"

"Tun ranar da na buɗe. Layukan nan naka uku. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi, na ce a raba albashina, na ƙi zuba aikin da hannuna, Dogo ne ya..."

"Tun kafin in nuna miki saƙon."

"E."

"Kika bar ni na kai takalmi gyara."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu, da ya buga tebur, da ta sami abin riƙewa. Sai ya sunkuya ya ce wa 'yarsu ta je wurin Umma, ya jira har labule ya rufe a bayanta. Hawaye na zuba a fuskar Injiniya, ba ta share ba.

"Aikin ya yi kyau," ta ce. "Wannan ba ƙarya ba ce. Ka fi duk wanda ya taɓa turowa. Ka ga abin da ni ban gani ba. In ka nemi wani wurin..."

"Wurare nawa na nema, kin sani? Ban gaya miki ba. Duk shiru. Wasu sun ba ni aikin gwaji, na yi, shiru. Ina cewa ni ne ban iya ba, sai in koma in ƙara karatu." Ya dubi kwamfutar da ke gefen tebur, wayar cajinta a naɗe da salatif. "Yanzu ban ma san wanne ne na faɗi ba, wanne ne babu shi tun asali. Kin ga abin da kuka yi? Ko faɗuwata ba zan iya yarda da ita ba."

"Gobe zan ajiye aikin. Zan sauke tallar da hannuna in fito."

"Ki fito zuwa ina? Maganin Umma fa? Hayar gida? Albashin makarantar nan ko rabin naki bai kai ba."

"To in ci gaba da yanka wa mutane..."

"Da kike yi wa mazan wasu kin iya ai."

Maganar ta sauka a tsakaninsu. Ta ga ya runtse ido, ta san ya ji zafin faɗarta, amma bai janye ba. A waje mai babur ya danna hon, ya kira lambar gidan. Maganin Umma ne ya iso. Malam ya tashi ya fita, ta ji yana gaisawa da mutumin da fara'ar nan tasa ta malamai, yana tambayarsa hanya da gajiya. Ya dawo da leda ɗaya ya ajiye a kan tebur.

Umma ta ɗaga labule ta dubi ɗanta, ta dubi surukarta.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Umma."

Ya rufe kwamfutar, ya zare cajin daga bango ya naɗe shi a kanta, ya tura ta gaban matarsa. Sannan ya ɗauki wayarsa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya yi magana yadda su biyun za su ji.

"Zan kira shugaban makaranta in ce masa na karɓa, gobe zan sa hannu. Ita kuma za ta koma ofis da safe kamar kullum, ba za ta ajiye komai ba. Wannan kwamfutar a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Na daina."